Sau biyu ana sa wa dekin ɗina fel, har yanzu yana yoyo

Tambaya: «Assalamu alaikum. Ina da gidan bene a Agege, samansa dekin ne na kankare, babu kwano. Sau biyu ina biya a shimfiɗa mini fel, shimfiɗar kwaltar nan ta hana yoyo, amma da ruwan Yuni ya kankama sai silin ɗakin yara ya fara ɗiga, fenti kuma ya kumbura. Yanzu wani ya ce in rabu da fel in shafa maganin ruwa irin na bokiti, wani kuma ya ce fel mai kauri zan saya. Wanne zan bi? Kuma ta yaya zan tabbatar aikin ya yi kafin in biya cikon kuɗi?»

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sayi komai, ka hau saman nan washegarin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da alli a hannunka. Duk inda ka tarar ruwa ya kwanta, ka zagaye shi da allin. Ka tsugunna bakin kowane bututun da ke fitar da ruwa, ka sa yatsa ka ji ko bakinsa ya fi daɓen tudu. Daga nan ka bi gindin rawani, wato gajeriyar katangar da ta kewaye rufin, kana ɗan jan bakin fel ɗin da hannu ka ga ko zai biyo ka. Na daɗe ina wannan aiki a Legas, kuma mafi yawan rufin da aka kira ni gyara ba a tsakiyar shimfiɗa suke yoyo ba. A waɗannan wurare uku ne: kwarin da ruwa ke kwana, bakin bututu, da kusurwar da daɓe ya haɗu da katanga. Idan ba a gyara su ba, fel mai kauri da maganin bokiti duk makomarsu ɗaya ce da ta waɗanda ka riga ka biya.

Wani abu kuma da ke ruɗa masu gida: inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lallai ne a nan ya shiga ba. Yakan shiga ta gindin rawani, ya yi tafiya tsakanin fel da kankare mita uku ko huɗu, har ya sami tsaga ko bututun wayar wuta da aka binne a dekin, sannan ya bi ya sauko. Shi ya sa ake ganin ruwa na zuba ta ramin fanka ko na ƙwan lantarki. Mai gyara ya zo ya liƙa faci daidai saman ɗakin yara, a biya shi, ruwa na gaba ya sake ɗiga a wuri guda, domin ƙofar da yake shiga tana can gefe ba a taɓa ta ba.

Kada kuma ka ɗauki lamarin a matsayin ɓacin fenti kawai. Ruwan da ke ratsa kankare yana kaiwa ga rodin da ke ciki. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya ture kankaren da ya lulluɓe shi ya fara ɓarewa daga ƙasa. A Legas, da iskar teku mai gishiri da laima da ba ta ƙarewa, wannan yana sauri fiye da yadda yake yi a Kano ko Sakkwato. In ka ga jan tabo a ƙasan dekin, ko kankare ya ɓalle har rodi ya fito, to sai injiniyan gini ya duba kafin a yi maganar hana yoyo. Wannan ya wuce aikin mai fel, kuma ba abin da zan iya yanke maka hukunci a kansa ba ne ba tare da an gani da ido ba.

Hanyar ruwa kafin maganin ruwa

Rufin da muke kira shimfiɗaɗɗe bai kamata ya zama shimfiɗaɗɗe ɗin gaske ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce bayan an gama aiki gangaren kada ya gaza 1 cikin 80, wato kowace mita ɗaya da ruwa zai yi tafiya, daɓen ya sauka santimita ɗaya da kwata. Masu zane sukan rubuta 1 cikin 40 domin sun san hannun magini ba inji ba ne, kuma kankare yakan ɗan lotsa a tsakiya. Shi kuwa birkilan da ya zuba dekin, burinsa ya fito daidai wa daida da lebur, don haka sai an bi da daɓen siminti da yashi a sama a fitar da gangaren.

Bari in ba ka misalin wani gida da na yi a Idi-Araba, don girmansa ya yi kusa da na yawancin gidajenmu: mita 10 a mita 12, murabba'in mita 120 ke nan. Shi ma an yi masa fel sau biyu, na biyun a kan na farkon. Da muka yanka da wuƙa a tsakiya muka ɗaga, ruwa ne baƙi mai wari kwance a ƙasa, alhali an yi mako uku ba a yi ruwan sama ba. Bututun fitar ruwa biyu ne kacal, duk a gefe ɗaya, ƙanana masu inci biyu, kuma an dasa su bakinsu ya ɗara daɓe da kusan yatsa biyu. Ma'ana sai rufin ya tara ruwa mai zurfin yatsa biyu kafin ɗigo ɗaya ya fita. Ɗaya daga cikinsu ma ledar fiya wata ce ta toshe shi.

Da mun bar bututun a gefe ɗaya, ruwa zai yi tafiyar mita 10, gangaren zai ci santimita 12 da rabi. Ka ɗora wannan a kan santimita 3 na mafi sirantar daɓe, can ɗaya gefen kaurin ya haura santimita 15. Daɓen siminti kuwa kowace santimita ɗaya ta kaurinsa tana da nauyin kilo 20 da ɗoriya a murabba'in mita guda, don haka da mun ɗora wa tsohon dekin kusan kilo 190 a kowane murabba'in mita. Ban yarda da hakan ba. Sai muka huda rawani a ɗaya gefen muka ƙara bututu biyu, muka mayar da dukkansu huɗun masu inci huɗu, muka yi doro a tsakiya ruwa ya rabu gida biyu, mita 5 kowane ɓangare. Daɓen ya tashi daga santimita 3 a bakin bututu zuwa kimanin 9 a doron, nauyin ya dawo wajen kilo 125. Mun kuma fasa tsohon daɓen da ya ruɓe mun sauke shi, wanda ya rage wani nauyin. Duk da haka sai da injiniya ya amince kafin mu zuba.

Daɓen kuwa kwano ɗaya na siminti ne da huɗu na yashi mai kaushi, a riƙa yayyafa masa ruwa mako guda don ya yi ƙarfi. A lokacin ne kuma ake cike kusurwar gindin rawani da siminti, a yi mata ɗan gangare kamar santimita 5 ta kowane ɓangare. Fel ba ya son a lanƙwasa shi a kusurwa mai kaifi. Yakan bar rami a bayansa, wata rana wani ya taka ko rana ta ja shi, ya tsage a nan. Bakin bututu kuma a ɗan kwarɓe kewayensa ya fi sauran daɓen zurfi, domin nan ne shimfiɗa za ta yi ninki biyu ko uku, kada kaurin ya zama madatsa.

Sai jira, wanda shi ne abin da ya fi yi wa masu gida wuya. Sabon dekin yana buƙatar aƙalla kwana 28, sabon daɓe kuma mako biyu zuwa uku na rana bayan an daina ba shi ruwa. Ido ba ya gane bushewar kankare, sama takan yi fari fat ciki na jiƙe. Ka yanko leda mai kauri wajen rabin mita ta kowane gefe, ka liƙe bakinta kaf da salatif a kan daɓen da yamma, ka bar ta aƙalla awa 16. In ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, da saura. Wanda ya rufe danshi da fel, rana za ta dafa ruwan ya zama tururi, fel ya tashi bororo kamar ƙunar wuta. Saboda haka nake cewa mutane su tsara wannan aiki tsakanin Disamba da Fabrairu. Ɗan tsagaitawar ruwan da ake samu a watan Agusta ya isa a yi faci na gaggawa, amma ban cika dogara da shi ga aiki tun daga daɓe ba.

Fel ko na bokiti

Ga rufi irin wanda na zata naka ne, fili mai faɗi da ba tarkace da yawa, fel na ƙonawa da wuta nake zaɓa. Dalilina shi ne kaurinsa daga masana'anta ya zo, ma'aikaci ba zai iya tsinka shi da ruwa ba. Nadi ɗaya faɗin mita 1 ne, tsawon mita 10, kauri milimita 3 ko 4. Ka nemi mai milimita 4, wanda aka rubuta APP a jikin ledarsa, don irin wannan kwaltar ta fi jure zafin rana, kuma mai zaren foliyesta a ciki, wanda ke ɗan miƙewa in kankare ya motsa. In ba za a rufe shi da komai ba, ka sayi mai ɓarɓashin dutse a bayansa. Baƙin fel tsirara rana ce ke cinye shi, ya bushe ya yi tsaga-tsaga kamar fatar kada. Da sharaɗi ɗaya: ka sa a kwance nadi ɗaya a gabanka a shago, ka duba kaurin da kanka, ka lanƙwasa gefensa ka ga ko zai karye.

Lissafin gidan Idi-Araba ya tafi haka. Ba murabba'in mita 10 nadi ke rufewa ba, domin kowane layi yana hawa kan na kusa da shi da santimita 10 a gefe, da 15 a ƙarshe, abin da ya rage bai kai 9 ba. Filin 120 ya ci nadi 14. Kewayen rawani mita 44 ne, muka riƙa tsaga nadi gida biyu a tsawonsa ya ba mu ƙyalle mai faɗin rabin mita, santimita 30 ta hau katanga, 20 ta kwanta a ƙasa, wannan ya ci nadi 3. Muka ƙara ɗaya don bakin bututu da ƙafafun tankin ruwa, jimla 18. Faraima, wato kwalta mai ruwa-ruwa da ake fara shafawa don ta kama ƙura ta ba fel wurin mannewa, ta ci kusan lita 40. Wanda ya ce maka nadi 12 za su ishi rufi mai wannan girma, ka san a wajen hawan layi da gindin rawani zai yi tsimi, daidai inda yoyon yake.

Tsohon fel a cire shi gaba ɗaya, a kankare, a share. A shafa faraima a bar ta ta bushe har in ka taɓa ba ta biyo yatsa. Ana fara shimfiɗa daga bakin bututu a hauro zuwa doro, yadda kowane layi na sama zai hau kan na ƙasa, ruwa ya riƙa gangarowa ta kan haɗin, ba ya tunkare shi ba. Abin da za ka tsaya ka kalla shi ne mai riƙe da wuta. Yana gasa ƙasan nadin har ledar da ke jiki ta narke, kwalta ta yi sheƙi, wani ɗan ruwan kwalta na gudana a gaban nadin yayin da ake mirgina shi. A bakin kowane haɗi ya kamata ka ga siririn layin kwalta ya ɓulɓulo, kamar rabin santimita zuwa ɗaya. Inda babu wannan layi, wuta ba ta isa ba. Inda kuma ka ga hayaƙi ya yi yawa har zanen zaren ciki ya bayyana a sama, an ƙone shi, ya sirance. Bayan ya huce ka ɗauki cokalin magini ka bi bakin haɗin da tsininsa. Duk inda ya shige, a sake gasawa.

A gindin rawani kuwa kada a tsaya ga manna bakin fel a jikin filasta. Zafi zai sa ya zame, ruwan da ke bin katanga ya shige ta bayansa. A yanka siririn rami a katangar a tsawonta, a cusa bakin fel ɗin ciki a toshe, ko a danne shi da ƙarfen alminiyam da sukurori a cike samansa. Mafi ƙarancin hawan da ake yarda da shi santimita 15 ne sama da inda aikin ya ƙare, ni dai 30 nake yi saboda irin ruwan da ke sauka a nan cikin awa guda. In rawanin gajere ne, gara a haye da fel har kansa a rufe. Sannan a tanadi abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa, tukunyar gas kuma a tsaye, nesa da harshen wuta.

Maganin bokiti yana da wurinsa, ban raina shi ba. Rufin da ya cika da ƙafafun tanki, bututun famfo, injin esi da ƙarafan sola, yankan fel a kewaye da kowannensu haɗi ne a kan haɗi, kuma kowane haɗi ƙofa ce. A nan abin shafawa ya fi, don yana bin kowace kwana ba tare da ɗinki ba. Sai dai sunan ɗaya ne, kayan iri-iri ne. Akirilik, mai kama da fenti mai kauri, yana jure rana amma ba ya son ruwa ya kwanta a kansa kwana da kwanaki, yakan yi laushi ya saɓule. Foliyuretan ya fi shi miƙewa da jure ruwa, amma in kankare na da danshi sai ya yi ƙuraje ya ƙi kamawa. Akwai na siminti mai haɗi biyu, gari da ruwa, wanda ke kama wuri mai ɗan danshi, sai dai bai kai sauran miƙewa ba idan tsaga ta buɗe, kuma ya fi dacewa a ƙarƙashin tayil. Baƙar kwalta ta ruwa da ake shafawa da burushi sau ɗaya kuwa, ita kaɗai a fili ƙarƙashin rana, kada ka lissafa ta a matsayin rufi.

Matsalar na bokiti ita ce kaurinsa a hannun mai rola yake. Lita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya tana ba da kaurin milimita ɗaya yana ɗanye. Idan a jikin bokitin an rubuta cewa kashi 60 cikin 100 ne ke saura bayan ya bushe, to lita ɗaya ta bar maka milimita 0.6. Kana son 1.2, sai lita biyu a kowane murabba'in mita. Rufin 120 da hawan rawaninsa ya kai wajen 135, lita 270 ke nan, bokiti 14 masu lita 20. Na taɓa zuwa wani gida mai irin wannan girma inda aka shafa bokiti huɗu aka ce an gama. Kyau kam ya yi kyau, fari tas, amma fenti aka yi masa. Ka karanta adadin da kamfanin ya rubuta, ka yi lissafin da kanka, ka ce a ajiye maka bokitan da aka juye ka ƙirga. A shafa sau biyu ko uku, kowane shafi ya gitta na baya, a kuma nutsa ƙyallen raga a cikin shafin farko a kusurwoyi, kan tsagogi da bakin bututu.

Gwajin tara ruwa

Wannan shi ne amsar rabin tambayarka na biyu, kuma tun ranar ciniki za ka faɗe shi: cikon kuɗi sai bayan an tara ruwa a rufin awa 48 ba a ga komai ba. Ana yin sa ne bayan an gama shimfiɗa, kafin a rufe ta da daɓen kariya ko tayil, don in an sami matsala a gan ta a fili. Fel ana iya gwada shi washegari. Na shafawa sai ya gama bushewa kwanakin da aka rubuta a bokitinsa, sau da yawa uku zuwa bakwai. Wanda ya yi gaggawar zuba ruwa zai lalata aikin da hannunsa.

A toshe bututun daga can cikinsa, ƙasa da inda fel ya shiga ya manne, ba a rufe bakinsa daga sama ba. Idan aka ɗora buhun yashi a kan baki, an ɓoye wurin da ya fi kowane zama abin zargi. Tsumma a cikin leda mai kauri, a cusa da ƙarfi, da igiya a ɗaure don a iya jawowa, yana yi. Sai a sake ruwa da tiyo a hankali har ya rufe wuri mafi tudu da aƙalla santimita 2 da rabi, amma kada ya wuce santimita 10 a wuri mafi zurfi, kada kuma ya haura bakin fel ɗin da ke jikin rawani. Dalilin iyakar nauyi ne: kowace santimita ɗaya ta ruwa kilo 10 ce a murabba'in mita, santimita 5 daidai take da a jera buhun siminti ɗaya a kowane murabba'in mita na rufin. A gidan Idi-Araba zurfin ya kama daga 2 da rabi a doro zuwa kusan 9 a bakin bututu, ruwan ya kai wajen lita 7,000. Ka yi shirin wannan ruwa tun da wuri, ko rijiyar burtsatse ko tanka. Rufin da gangarensa ya fi haka tsawo, a raba shi da buhunan yashi da leda a gwada kashi-kashi.

Da ruwan ya natsu, ka yi alama da fenti ko ƙusa a jikin rawani daidai bakinsa, a wuri biyu ko uku. Sannan ka ajiye baho mai faɗi a kan rufin, ka zuba masa ruwa mai irin wannan zurfi, shi ma ka yi masa alama. Rana da iska suna shan ruwa, 'yan milimita a yini, kuma wannan ne mafakar ma'aikaci idan ruwa ya ragu: «Alhaji, rana ce ta sha.» Bahon ne zai raba gardama. In na rufi da na baho sun sauka kusan daidai, rana ce. In na rufi ya fi sauka sosai, ruwa na fita ta wani wuri. Kafin a zargi fel, a leƙa ƙasan bututun a ga ko toshin ne ke tsiyaya.

A ƙasa kuma, ka kashe wutar ɗakunan saman daga mita ko akwatin fis, ka buɗe silin in akwai inda ake buɗewa, ka shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa. Ka zagaye tsohon tabon danshi da fensir tun kafin a fara, don ka gane ko ya ƙaru. Safe da yamma ka bi da tocila kana haska ƙasan dekin a karkace, kana shafawa da bayan hannu, musamman kusurwoyi, ramin fanka da inda bututu ya ratsa. Ka leƙa bangon waje ma, a ƙarƙashin rawani. Kuma lallai wani ya kwana a gidan da zai iya jawo toshin idan hadari ya taso, domin ruwan sama a kan wanda aka tara zai iya haure iyakar nauyi da ta rawani cikin ɗan lokaci.

Mu a Idi-Araba gwajin farko bai wuce ba. Bayan awa 24 baho ya sauka kamar milimita 4, rufin ya sauka kusan santimita ɗaya da rabi. Bambancin ya haura santimita ɗaya, a kan murabba'in mita 120 ya fi lita 1,000, don haka na san ba ɗan ramin allura ba ne. Cikin ɗakuna babu ɗigo ko ɗaya, amma bangon waje ta gabas ya jiƙe sharkaf daga ƙarƙashin ɗaya daga cikin sababbin bututun. Bututun na roba ne, yaron da ke riƙe da wuta ya ji tsoron kada ya narke, sai ya gasa fel ɗin sama-sama, ƙasan bakin bai kama ba. Laifina ne da ban duba wurin da hannuna ba. Muka sauke ruwan, muka bar wurin ya bushe kwana biyu, muka sa bakin bututu mai faffaɗan leɓe wanda ake dannewa tsakanin fel biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Muka sake tarawa daga farko, cikakkun awa 48, ba ci gaba daga inda aka tsaya ba. Wannan karon alamar rufi da ta baho suka sauka tare.

In an zo sauke ruwa, a buɗe bututu ɗaya-ɗaya a hankali, kada lita dubbai su faɗa wa bututun ƙasa lokaci guda su ɓalle shi daga bango. Da ya janye, ka bi kan haɗe-haɗen kana takawa. Inda ruwa ya tsirto daga ƙarƙashin haɗi, a yi alama a gyara ko da ƙasa ba ta nuna komai ba. Ka dawo bayan kwana biyu ka ga ko akwai inda ruwa ya rage a kwance, wannan shi ne gwajin gangaren da aka yi maka.

Gwajin yana da iyakarsa, gara ka sani. Bai taɓa abin da ke sama da bakin ruwan ba: saman rawani, bakin fel da aka cusa a katanga, bangon ɗakin matakala da ƙofarsa. Ruwan Legas kuwa da iska yake zuwa, yana dukan katanga a gicciye. Waɗannan sai a bi su da tiyo, ana fesa kowane yanki minti goma sha biyar zuwa ashirin, daga ƙasa a hauro sama, wani na ciki yana kallo. Haka nan ƙaramin rami a kan dekin mai kauri zai iya ƙin nunawa cikin kwana biyu, don kankare na shanye ruwan kafin ya ɗiga. In tsohon rufi ne mai tarihin yoyo kamar naka, ka kai awa 72, ka kuma riƙe wani ɗan kaso na kuɗin, da yardar mai aikin a rubuce, har ruwan Yuni ya wuce.

Bayan an ci gwaji, idan ana hawa rufin shanya ko ɗiban iska, a shimfiɗa leda mai kauri a kan fel a zuba daɓen kariya na santimita 4 zuwa 5, a yanka shi gida-gida kowace mita biyu zuwa uku don kada ya tsage yadda ya ga dama. Shi ma nauyinsa ya shiga lissafin injiniya. Tanki ya zauna a kan dakalin kankare da aka gina a saman kariyar. Mai sola da mai eriya kuma ka hau tare da su ranar da za su yi aiki, ka nuna musu jikin rawani ko tubalan kankare da za su ɗaure ƙarafansu, domin in ka bar su su kaɗai, abin hudawa za su sa su ratsa fel ɗin har dekin.